Haɗa Hotunan Allo Su Zama Fayil Ɗaya na PDF

PDF fayil ne mai shafuka a jere, kuma duk wayar da aka buɗe shi a kanta, yadda aka tsara shi haka zai fito. Shi ya sa ya fi dacewa da hotunan allo, wato sikirinshot, idan sun yi yawa. Ɗan kasuwar da ya biya kuɗin atamfa a Kantin Kwari sau 8 ta banki, idan ya tura rasit 8 ɗaiɗai ta WhatsApp, sai su shige cikin hira, manhajar kuma ta rage musu kaifi har ƙananan lambobi su dushe. PDF kuwa a matsayin takarda yake tafiya, ba a taɓa ingancinsa.

Aikin yana farawa tun kafin haɗawa. A yanke saman kowane hoto da ƙasansa, inda agogo da batir da sanarwar saƙonni suke, a kuma rufe ragowar kuɗin asusu idan ya fito.

A kwamfuta mai Windows, ana tara hotunan a folda ɗaya, a sauya musu suna zuwa 01, 02, har 08. Sai a zaɓe su duka, a danna maɓallin dama na linzami a kan na farko, a zaɓi Print, a wajen na'urar bugawa kuma a ɗauki Microsoft Print to PDF. A nan mutane da yawa suke tuntuɓe. Akwai wani ɗan akwati mai suna Fit picture to frame. Idan aka bar shi da alama, kwamfuta za ta cika shafi da hoton ta hanyar datse shi. Hoton waya dogo ne siriri, don haka abin da yake salwanta shi ne sama da ƙasa, inda sau da yawa kwanan wata da lambar shaidar biya suke. A cire alamar, ko da gefen shafi zai zama fari.

A iPhone abin ya fi sauƙi: a ajiye hotunan a Files, a zaɓe su, a taɓa ɗigo uku, sai Create PDF. Wayoyin Android sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma manhaja irin Adobe Scan tana ɗauko hotuna daga ma'ajiyar waya, ta kuma bari a jera su da yatsa. Shafukan intanet masu yin aikin kyauta suna nan, sai dai ɗora musu rasit ko katin shaida miƙa sirri ne ga baƙo.

Kafin turawa, a buɗe fayil ɗin a ƙirga shafuka, a ƙara girman ɗaya a ga ko lambobi suna karantuwa. A duba nauyinsa ma, domin Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25 kai tsaye. Sannan a ba shi suna mai ma'ana, kamar "Rasit na Maris".