Ranar da wuta ta fizge ni a Gounghin

A watan Afrilu, a shagon waldar ƙanena da ke Gounghin, Wagadugu, na dafa injin yankan ƙarfe, sai wuta ta fizge ni har kafaɗa.

"Yaya, ai kullum haka yake yi," in ji shi.

Muka kashe wutar daga babban makunni, na ɗaure shi da alamar gargaɗi, muka gwada da testa kafin mu taɓa komai. Ashe waya ce ta goge, tagullarta na taɓa jikin injin. Wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, ita ya kamata ta kwashe wannan wutar. Amma ta tsinke, turken ƙarfenta kuma yana cikin busasshiyar ƙasa.

Wutar SONABEL bolt 220 ce, tana kisa. Muka sauya wayar gaba ɗaya maimakon naɗe ta da salatif, muka gyara ta ƙasan. Muka kuma sa difaransiyel mai 30 mA, wanda ke yanke wuta nan take idan ta fara zurara.

Kowane wata ku danna maɓallinsa mai alamar T. In wuta ba ta ɗauke ba, ya mutu, a sauya shi.