Takardar Gargaɗi ta Ƙarshe Kafin Shigar da Ƙara a Kotun Ƙananan Basussuka

Takardar gargaɗi ta ƙarshe wasiƙa ce da mai bin bashi yake aika wa wanda yake bi, yana sanar da shi abu uku: nawa ake binsa da hujjojin da ke hannu, ranar da ake jiran ya biya ko ya ba da amsa, da kuma cewa idan ranar ta wuce za a kai shi kotu. A kotunan ƙananan basussuka na Nijeriya wannan wasiƙa sharaɗi ce. Wanda bai aika ta ba, ko ya aika amma ba shi da shaidar ta isa, ana iya mayar da shi tun daga ofishin rajista.

Jihar Legas ce ta fara kafa irin wannan kotu a shekarar 2018, Kano ta biyo baya a 2019, daga nan wasu jihohi suka bi sahu. Alƙalan majistare ne suke zama a cikinta, kuma an tsara ta yadda ɗan kasuwa zai iya tsayawa da kansa ba tare da lauya ba. Ƙa'idojin Legas sun fara da iyakar naira miliyan 5, suka kuma ce a gama shari'a cikin kwana 60 da shigar da ita. Kowace jiha tana da nata adadin, kuma akan sake duba shi lokaci zuwa lokaci, don haka magatakardan kotu ne zai faɗa wa mutum iyakar da ake aiki da ita a jiharsa. A tsarin na Legas, wanda sauran jihohi suka yi koyi da shi, fom na farko mai lamba SCA 1 shi ne takardar neman biya, kuma yana ba wanda ake bi kwana 14.

Abin da yawancin masu rubuta ta suke mantawa shi ne mutum biyu ne za su karanta ta. Na farko wanda ake bi bashi. Na biyu alƙali, wanda bai san kowa a cikinsu ba, bai san tarihin cinikin ba, kuma zai ga takardar bayan makonni a cikin fayil. Duk jimlar da mai rubutu zai ji kunya idan an karanta ta da ƙarfi a gaban kotu, ba ta da gurbi a ciki.

A ɗauki misali. Wani mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau ya ba wani mai shago buhun masara 40 a kan naira 45,000 kowanne, jimilla naira 1,800,000, da alkawarin biya cikin kwana 30. Mai shagon ya turo naira 700,000 ta banki, daga baya ya kawo naira 300,000 hannu da hannu, sai ƙafa ta ɗauke. Ragowar naira 800,000 ce. An yi waya, an tura ɗan aike, an sa dattijan kasuwa sun sa baki, kullum amsar ita ce a ƙara haƙuri. Wasiƙar da ta dace da wannan hali ba ta wuce shafi ɗaya ba, kuma bayan suna da adireshi da kwanan wata, jikinta zai iya zama kamar haka:

"Assalamu alaikum, Alhaji. Bayan gaisuwa, a ranar 3 ga Maris 2025 na ba ka buhun masara 40 a kan naira 45,000 kowanne, jimilla naira 1,800,000, bisa alkawarin za ka biya zuwa 2 ga Afrilu 2025. Ka biya naira 700,000 ta banki ranar 20 ga Maris, da naira 300,000 hannu da hannu ranar 10 ga Afrilu. Saura naira 800,000. Ina riƙe da takardar kai kaya da yaron shagonka ya sa wa hannu, da bayanin asusuna na banki, da littafin bashina, da saƙonka na WhatsApp na ranar 5 ga Mayu inda ka ce za ka biya ragowar dubu ɗari takwas kafin ƙarshen watan. Na haɗa kwafinsu da wannan takarda. Ina neman ka biya naira 800,000 a asusun da ke ƙasa cikin kwana 14 da karɓar wannan takarda, wato zuwa ranar Litinin 16 ga Yuni 2025. Idan kana da ja a kan lissafin, ka rubuto mini dalilinka kafin wannan rana. Idan ranar ta wuce ba biya ba amsa, zan shigar da ƙara a kotun ƙananan basussuka ba tare da wata sanarwa ba, kuma zan nemi kotu ta ɗora maka kuɗin da na kashe wajen shari'a."

Lissafin da ke cikinta shi ne ƙashin bayanta. Wannan kotu tana sauraron kuɗi ƙayyadadde ne, wanda za a iya fitar da adadinsa da alƙalami da takarda. Idan mai masara ya ƙara naira 200,000 ya ce ladan wahalar zirga-zirga ce da ɓacin rai, ya jawo wa kansa gardama a kan abin da ba zai iya tabbatarwa ba. Haka batun ƙarin kuɗi saboda jinkiri: idan ba a yi yarjejeniya a kansa tun farko ba, da wuya a same shi don kawai an rubuta shi a wasiƙa. A duba kuma yadda aka ambaci naira 300,000 da aka karɓa hannu da hannu, duk da ba ta bar sawu a banki ba. Wasu sukan yi shiru a kan irin wannan biya, su nemi miliyan ɗaya da dubu ɗari. Ranar da wanda ake ƙara ya kawo shaidar ya biya, duk sauran maganar mai ƙara ta shiga shakka a wurin alƙali.

Hujjoji ba ƙarfinsu ɗaya ba. Littafin bashi mai kaya ne ya rubuta shi da hannunsa, don haka shi kaɗai ba ya isa. Takardar kai kaya mai sa hannu ta fi shi, domin tana nuna kaya sun isa. Bayanin banki yana nuna wanda ake bi ya taɓa biya a kan wannan ciniki, abin da ke wahalar da shi ya ce bai san da maganar ba. Saƙon 5 ga Mayu ya fi dukkansu nauyi, tunda a cikinsa mutumin ya amsa bashin da bakinsa har ya faɗi adadi. Shi ya sa mai hikima, kafin ya rubuta takardar ƙarshe, yakan tura saƙo cikin lalama yana tambayar yaushe za a kawo ragowar kuɗi kaza, ya ajiye amsar. Sai dai saƙon waya yana da nasa sharaɗi: sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya tanadi a nuna cewa na'urar da ta fitar da bayanin tana aiki daidai, yawanci ta hanyar takardar tabbatarwa. Saboda haka kada a goge hirar, kada a sayar da wayar, kuma hoton saƙon ya nuna lamba da kwanan wata. Kwafi ake aikawa, asalin takardu kuwa suna zama a hannun mai su har ranar zaman kotu.

Ranar amsa tana bukatar a rubuta ta ƙarara. "Nan ba da jimawa ba" ko "cikin gaggawa" ba wa'adi ba ne, domin ba wanda zai iya cewa ga ranar da ya cika. Kwanakin kuma daga ranar karɓa ake ƙirga su. A misalin nan an miƙa takardar ranar 2 ga Yuni, shi ya sa wa'adin ya faɗa 16 ga wata. Da sai 5 ga Yuni ta isa, da sai an jira 19. Wanda ya yi gaggawar shigar da ƙara kafin kwanakin su cika ya ba abokin shari'arsa hanyar ƙorafi kyauta.

Daga nan sai isar da ita, inda aka fi yin sakaci. Ana yin kwafi biyu, a miƙa ɗaya, wanda ya karɓa ya rubuta sunansa da kwanan wata ya sa hannu a kan ɗayan. Idan ana tsoron zai ƙi karɓa, a tafi da shaida baligi wanda zai iya zuwa kotu, ko a aika ta kamfanin kai saƙo da ke ba da rasit da shaidar isarwa. Tura hotonta ta waya ƙari ne mai amfani, amma bai kamata a dogara da shi kaɗai ba. A kula da sunan da aka rubuta a kai. Idan da kamfani mai rajista aka yi cinikin, sunan kamfanin ake sawa da adireshin ofishinsa, domin a doka kamfani daban, mai shi daban. Idan mutum ne, a nemi cikakken sunansa, ba laƙabin da aka san shi da shi a kasuwa kaɗai ba. Tunda da Turanci ake aikin kotunan majistare, fom ɗin ma da Turanci yake. Ana iya cike shi, a haɗa da wasiƙar Hausa domin kada mutum ya ce bai fahimta ba.

Zagi da gori ba su da wuri a wannan takarda, haka barazanar tona asiri a kasuwa ko a kafafen sada zumunta, wadda za ta iya juyewa ta zama ƙarar ɓata suna. Mafi yawan kuskure shi ne a rubuta cewa za a sa 'yan sanda su kama mutum. Karɓo bashi ba aikinsu ba ne, kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya ko rikicin kuɗi zalla. Barazana ɗaya ce ta halatta a ciki, wato zuwa kotu, ita ma sai idan da gaske za a je. Wanda ya aika "gargaɗi na ƙarshe" sau uku ya koya wa mai cin bashinsa cewa maganarsa ba ta da haƙori.

Idan mai shago ya biya, sai a ba shi rasit mai nuna an gama. Sau da yawa yakan zo ne da roƙon a raba masa biyan, misali naira 200,000 duk wata har wata huɗu. Karɓar wannan ya kan fi shari'a sauƙi, muddin an rubuta yarjejeniyar, an sa ranaku, ya sa hannu a gaban shaidu, an kuma bayyana cewa idan ya tsallake wata ɗaya duk ragowar ta zama abin nema nan take. Idan kuwa ya rubuto cewa buhu biyar sun zo da ƙwari, to mai masara ya san hujjar da zai fuskanta tun kafin zaman kotu, kuma yana iya auna ko yafe naira 225,000 ya fi masa jan magana. Idan shiru aka ji, ranar 17 ga Yuni sai ya nufi ofishin rajista da kwafin takardar, shaidar isarwa da hujjojinsa, ya cike fom ɗin ƙara, ya biya kuɗin shigarwa, kotu ta fitar da sammaci.

Aika takardar ba ya tsayar da wa'adin da doka ta ɗiba na shigar da ƙara. A jihohi da yawa shekara 6 ce ga bashin ciniki na yau da kullum, a wasu kuma ba ta kai haka ba. Biyan wani ɓangare, ko amsa bashin a rubuce da sa hannun wanda ake bi, yana iya sa a sake ƙirga daga farko, amma wasiƙar mai bin bashi ita kaɗai ba ta ƙara masa ko kwana ɗaya.