Yadda Fomula ke Rina Gurbin da Aka Bari Fayau a Takardar Rajista

Takardar rajista da ake cikawa a kwamfuta, ta ɗaukar ɗalibai ce ko ta mahalarta taro, tana da layukan tsaye waɗanda ba a yarda a tsallake su ba. Suna yana cikinsu, haka ma lambar wayar da za a nemi mutum da ita. Idan sunayen ba su wuce ashirin ba, ido kaɗai ya isa ya gano inda aka yi tsallake. Da zarar sun kai ɗari uku, gurbi ɗaya fari a tsakiyar rubutu yakan ɓace wa mai dubawa, sai ranar da ake neman lambar a tarar babu ita. Manhajojin Excel da Google Sheets suna da hanyar da takardar za ta riƙa nuna giɓinta da kanta, wato a kafa ƙa'idar da ke zuba launi a duk gurbin da ya cika wani sharaɗi. A allon ana kiran ta Conditional Formatting, kuma tana cikin Excel tun fitowar Excel 97.

A ɗauki rajistar sababbin ɗalibai a wata makarantar firamare. Layin tsaye na A yana ɗauke da lambar jeri, B sunan ɗalibi, C aji, D kuma lambar wayar uba ko mariƙin yaro, wadda hukumar makaranta ta ce dole ne a rubuta. Layin kwance na farko na kanun bayanai ne, don haka ɗalibi na farko yana layi na 2. Magatakarda ya riga ya ja lambobin jeri har zuwa layi na 500, alhali ɗaliban da aka rubuta zuwa yanzu ba su wuce 180 ba.

Matakin farko shi ne zaɓen yankin da ƙa'idar za ta yi aiki a kansa. Ana danna D2 a ja zuwa D500. A Excel, sai a shiga Home, a danna Conditional Formatting, sannan New Rule, a zaɓi Use a formula to determine which cells to format. Akwati zai fito inda ake rubuta fomular, da maɓallin Format inda ake zaɓen launi a ƙarƙashin Fill. A Google Sheets ana bi ta Format, sannan Conditional formatting, a gangara cikin jerin sharuɗɗa har zuwa Custom formula is. Aikin iri ɗaya ne a duka biyun: manhajar tana gwada fomular a kan kowane gurbi na yankin, inda amsar ta fito gaskiya ta rina shi, inda ta fito ƙarya ta ƙyale shi.

Fomular da ta fi saurin zuwa wa mutum a rai ita ce wannan:

```
=ISBLANK(D2)
```

Ma'anarta, shin babu komai a D2? Tana aiki, amma tana da aibi biyu. Na farko yana bayyana nan take: duk layukan da ba a kai ga cikawa ba, daga 182 zuwa 500, za su rine, domin su ma babu komai a cikinsu. Gurabe huɗu ko biyar da ake nema sai su nutse cikin gurabe fiye da ɗari uku masu launi. Aibi na biyu ya fi ɓoyuwa. ISBLANK tana ɗaukar gurbi a matsayin fanko ne kawai idan babu komai a cikinsa ko kaɗan. Idan mai shigar da bayanai ya danna dogon maɓallin tazara sau ɗaya ya wuce, ido zai ga gurbin fayau, ita kuwa manhaja tana ganin harafi ɗaya a ciki, don haka ba za ta rina shi ba. Wannan yakan faru da masu goge kuskure ta hanyar danna tazara maimakon Delete. Haka kuma idan gurbin yana ɗauke da fomular da ke jawo lamba daga wani shafi, ta dawo da rubutu maras komai saboda ba ta samu ba, ISBLANK za ta ce gurbin a cike yake.

Gyaran aibi na biyu shi ne a daina tambayar ko gurbin fanko ne, a koma auna tsawon abin da ke cikinsa. TRIM tana share tazarar da ke gaba da bayan rubutu, LEN kuma tana ƙirga haruffan da suka rage. Idan ƙirgen ya zo sifili, babu abin kirki a gurbin. Gyaran aibi na farko kuwa shi ne a ƙara sharaɗi: kada a rina gurbin waya sai idan akwai ɗalibi a wannan layin. AND ce ke haɗa sharuɗɗan biyu, kuma ba ta cewa gaskiya sai dukansu sun tabbata:

```
=AND($B2<>"",LEN(TRIM($D2))=0)
```

Ɓangaren farko yana cewa B2 ba fanko ba ne, wato an rubuta suna. Na biyu yana cewa babu lambar waya. Da gangan aka jingina sharaɗin farko da layin suna ba da layin lambar jeri ba. Tun da magatakarda ya cika A har ƙasa, da an jingina da shi, da kowane layi ya zama kamar akwai ɗalibi a cikinsa, an koma gidan jiya.

Ga yadda fomular ke yanke hukunci a layuka huɗu na wannan takarda. A layi na 2 akwai suna da lamba mai alƙaluma 11, LEN ta ba da 11, gurbin ya zauna fari. A layi na 37 akwai suna, ba a taɓa gurbin waya ba, sharuɗɗa biyu sun cika, gurbin ya rine. A layi na 64 akwai suna, gurbin waya yana da tazara biyu da wani ya bari, TRIM ta share su, LEN ta ba da sifili, shi ma ya rine, alhali ISBLANK da ta wuce shi. A layi na 300 babu suna, sharaɗin farko ya faɗi, babu launi. Ranar da aka samo lambar uban yaron da ke layi na 37 aka rubuta ta, launin zai gushe da kansa ba tare da kowa ya taɓa ƙa'idar ba.

Alamar dala da ke gaban B da D tana da aikin da ya kamata a fahimta sosai, domin a nan yawancin masu koyo ke tuntuɓe. Fomular ana rubuta ta ne don gurbi na farko na yankin kaɗai, manhajar ce ke gusar da ita ga sauran. Abin da aka sa wa dala a gaba ba ya motsi, abin da ba a sa wa ba yana tafiya tare da gurbin da ake gwadawa. A $D2 harafin a kafe yake, lambar layin kuma a sake take, don haka a layi na 37 manhajar tana duba D37. Matsalar ita ce idan aka danna gurbin da linzami maimakon a rubuta sunansa da hannu, Excel yakan saka $D$2, dala biyu. Daga nan kowane layi zai riƙa duba D2 kaɗai, sakamakon kuwa ko dai yankin duka ya rine ko kada ko ɗaya ya rine. Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan biyun, dalar da ke gaban lamba zai fara nema.

Amfanin kafe harafin yana fitowa idan ana son layin ɗalibin gaba ɗaya ya rine, ba gurbin waya kaɗai ba. Sai a zaɓi A2 zuwa D500 a matsayin yanki, a bar fomular yadda take. Kowane gurbi a layin zai duba B da D na layinsa, su rine tare. Wannan ya fi sauƙin gani a takarda mai faɗi, inda layin waya yake can gefen da allo ba ya nunawa.

Wata alamar kuskure ita ce launi ya sauka a layin da ke sama ko ƙasa da wanda ke da giɓi. Dalilinsa kusan kullum ɗaya ne: lambar layin da ke cikin fomula ba ta dace da farkon yankin ba. Idan aka zaɓi layin tsaye na D ɗungurungum, yankin ya fara ne daga D1, fomular kuma tana cewa D2, to kowane gurbi yana duba na ƙasa da shi ke nan, launin sai ya hau sama da layi ɗaya. A Excel ana duba wannan a Manage Rules, inda fomula da yankinta, a ƙarƙashin Applies to, suke gefe da gefe. A nan ne kuma ake gane wani kuskuren: idan an manta alamar daidai a farkon fomula, Excel yakan kewaye ta da alamun zance ya mayar da ita rubutu zalla, ƙa'idar ta zauna ba ta rina komai. Yana da kyau a leƙa wannan wuri lokaci zuwa lokaci, saboda kwafo gurabe daga wata takarda a liƙa yakan zo da tsarinsu, ya yayyanka yankin ƙa'idar gida-gida. Liƙa bayanan kaɗai ta Paste Special da Values yana hana hakan.

Masu aiki da Excel na Faransanci, kamar yadda ake samu a ofisoshin Nijar, sunayen umarnin sun bambanta, kuma waƙafi mai ɗigo ne ke raba sassan fomula:

```
=ET($B2<>"";NBCAR(SUPPRESPACE($D2))=0)
```

Wannan bambanci ya shafi lokacin rubutawa ne kawai. Fayil ɗin da aka shirya a Kano idan aka buɗe shi a Maraɗi, manhajar za ta nuna fomular da harshenta ta ci gaba da aiki.

Launi nuni ne kawai, ba ya hana kowa tsallake gurbi, kuma ba ya tantance abin da aka rubuta. Wanda ya gaji da ganin ja ya rubuta "babu" ko ya ja ɗan layi a gurbin, ya kashe launin ba tare da an sami lambar ba. Ana iya rage wannan da ƙa'ida ta biyu mai launi dabam, wadda ke kama abin da tsawonsa bai kai na lambar wayar Nijeriya ba:

```
=AND(LEN(TRIM($D2))>0,LEN(TRIM($D2))<>11)
```

Tun kafin a shigar da lambobin, sai an mayar da layin D zuwa tsarin Text, in ba haka ba manhajar za ta ɗauki lambar wayar a matsayin adadi ta yar da sifilin farko, kowace lamba ta koma alƙaluma 10, duka su rine. TRIM ma tana da iyakarta: akwai wata tazara ta musamman da ke biyo rubutun da aka kwafo daga intanet, wadda TRIM ta Excel ba ta sharewa, sai an cire ta da SUBSTITUTE da CHAR(160). Sannan launin yana zaune ne a fayil irin na xlsx ko a cikin Google Sheets. Idan aka adana takardar a tsarin CSV don a ɗora ta a wata manhajar, bayanan ne kaɗai ke tafiya, ƙa'idar da launinta suna zubewa, saboda haka a kan ainihin fayil ɗin ake cike giɓin kafin a fitar da shi.