Citta da Tafarnuwa: Ɗanya ko Gari, Kuma Yaushe Za a Zuba?

Mata biyu za su iya sayen cefane iri ɗaya a kasuwa ɗaya, su ɗora miya iri ɗaya, amma ta ɗaya ƙamshinta ya cika gida, ta ɗayar kuma a ji wani ɗaci-ɗaci a maƙogwaro ba a san daga ina ya fito ba. Sau da yawa bambancin yana wajen citta da tafarnuwa ne: wace iri aka sa, kuma a wane lokaci ta shiga tukunya. Da yawa suna ɗauka garin citta ɗanyar citta ce kawai da aka busar don ta daɗe, haka ma garin tafarnuwa. Gaskiyar magana ita ce bushewa tana sauya su, har su zama kamar wasu kayan ƙamshi dabam, kowanne da aikinsa da lokacinsa.

Mu fara da tafarnuwa. Idan kika ɗauki ƙwaya ɗaya da ba a taɓa ba kika sansana, da ƙyar za ki ji wani wari. Warin nan mai ƙarfi ba ya samuwa sai an fasa ta, domin akwai sinadarai biyu a ajiye a wurare dabam-dabam a cikin jikinta, kuma sai an yanka ko an daka suke haɗuwa su haifar da wanda masana ke kira alisin. Shi ne mai yajin nan da ke cizon harshe. Saboda haka yadda aka sarrafa ta yana da tasiri sosai. Wadda aka jefa guda-guda a romo tana fitowa da laushi da ɗan zaƙi, wadda aka yayyanka tana da matsakaicin ƙarfi, wadda kuma aka kirɓa a turmi har ta yi laushi ita ce mafi kaifi. Zafin wuta yana kashe sinadarin da ke wannan haɗi, shi ya sa ake so a daka ta a bar ta kamar minti goma kafin ta shiga tukunya, a lokacin ana yanka albasa ko wanke nama.

Garin tafarnuwa ba shi da wannan kaifi. Ɗanɗanonsa mai taushi ne, kuma yana bazuwa ko'ina cikin abinci daidai wa daida. A garin da aka busar ba tare da zafi mai yawa ba, sinadarin haɗin nan bai mutu ba, ruwa kawai yake jira. Idan aka jiƙa garin da ɗan ruwa daidai yawansa aka bar shi minti ɗaya ko biyu, ƙamshinsa ya fi tashi a kan wanda aka barbaɗa kai tsaye cikin tafasasshiyar miya.

Citta kuwa akasin haka take. Bushewa ba ta rage mata ƙarfi, ƙara mata take yi. Abin da ke ba ɗanyar citta yaji shi ake kira jinjarol, kuma idan ta bushe wani ɓangarensa yana rikiɗa ya koma shogawol, wanda yajinsa ya kai kusan ninki biyu. Abin da take rasawa shi ne ƙamshin nan mai kama da na lemun tsami, wanda ke tashi da zarar an kankare bawonta, domin yana bin iska yayin shanya. Ke nan ɗanyar citta ta fi ƙamshi, busasshiya ta fi yaji da ɗumama ƙirji. Idan kuma aka daɗe ana dafa ɗanya, yajinta yana lafawa ya koma wani ɗanɗano mai taushi. Iri ma yana da nasa tasiri: manoman kudancin Kaduna, wajen Kachiya da Jaba da Kagarko inda ake noma mafi yawan cittar Nijeriya, sun san tafin giwa mai kauri da launin rawaya, da kuma yatsun biri mai sirara, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Shi ya sa awon da ya yi daidai da cittar wannan wata zai iya yin yawa da ta wata mai zuwa, sai an ɗanɗana.

Duk da haka akwai awon da za a iya farawa da shi. A madadin ƙwayar tafarnuwa ɗaya matsakaiciya, kwatan ƙaramin cokalin shayi na gari ya isa. A madadin babban cokali ɗaya na gurzajjiyar ɗanyar citta, a fara da kwata zuwa rabin ƙaramin cokali na gari. Wadda ta musanya cokali da cokali, ta zuba garin citta daidai yawan ɗanya, za ta samu miya mai ƙuna a maƙogwaro da ta danne ɗanɗanon nama.

Maganar lokaci ta fi fitowa fili idan aka bi miya ɗaya tun daga farko har ƙarshe. A ɗauki miyar dage-dage da naman sa kilo ɗaya, wadda za ta ishi mutum shida. Akwai wurare uku da citta da tafarnuwa za su iya shiga, kuma kowanne yana son irinsa.

Wuri na farko shi ne wajen tafasa nama. Nan dahuwa ce mai tsawo, ta minti arba'in zuwa awa guda, kuma duk wani ƙamshi mai saurin tashi zai bi tururi ya tafi. Abin da ake nema shi ne a kashe ƙarni, romo ya yi daɗi. Busasshiyar citta ta dace da nan domin tana jure dogon tafasa: rabin ƙaramin cokali na gari, ko yatsa ɗaya da aka ɗan farfasa, da ƙwayar tafarnuwa uku da aka danne da gefen wuƙa, da albasa da gishiri. Gari a nan ba ya ƙonewa tunda cikin ruwa yake.

Wuri na biyu shi ne wajen soya miya, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. Albasa kusan duk jikinta ruwa ne, tana iya minti biyar zuwa bakwai a cikin mai ba ta ƙone ba. Tafarnuwa ba ta da ruwa kamar haka, ga shi an daka ta ƙanana, don haka cikin ƙasa da minti ɗaya take iya wucewa daga fara zuwa baƙa idan mai ya yi zafi. Idan an zuba su tare, kafin albasa ta yi laushi tafarnuwa ta riga ta ƙone. Ƙa'idar ita ce albasa ta fara shiga, sai ta yi laushi ta fara sheƙi, sannan a rage wuta a zuba gurzajjiyar citta babban cokali ɗaya, a juya kaɗan, a bi ta da dakakkiyar tafarnuwa ƙwaya huɗu. A ci gaba da juyawa na daƙiƙa talatin zuwa minti ɗaya. Da zarar ƙamshi ya bugi hanci, tafarnuwar kuma ta fara komawa ruwan zuma mai haske, a zuba markaɗen tumatir da tattasai da attaruhu. Ruwan markaɗen zai sauke zafin mai ya tsayar da suyar. Idan kuwa ta yi duhu, hanci ya ji ƙauri, babu gyara, domin ɗacin ya riga ya shiga man. Gara a zubar a sake da sabon mai da a yi asarar tukunya guda. Wadda ke jajjaga tafarnuwa da citta tare da attaruhu da albasa ta tsira daga wannan, tunda ruwan kayan miyan yana kare su, sai dai ƙamshin ba zai kama mai sosai ba.

Gari bai kamata ya taɓa mai mai zafi shi kaɗai ba, domin ya fi ɗanya saurin ƙonewa nesa ba kusa ba. Idan gari kawai ake da shi, a jira sai markaɗe ya shiga, ko a dama shi da ɗan romo a zuba. A kuma ba shi aƙalla minti goma yana dahuwa, in ba haka ba za a ji garɗin ɗanyen gari a baki.

Wuri na uku shi ne dab da saukewa, kuma nan na ɗanya ne kaɗai. Minti uku zuwa biyar kafin a kashe wuta, a zuba ƙaramin cokali ɗaya na gurzajjiyar citta, da ƙwayar tafarnuwa ɗaya idan mutanen gidan suna son kaifinta. Wannan ɗan ƙari shi ke dawo da ƙamshin da doguwar dahuwa ta cinye. Farfesu ma haka yake so: busasshiyar citta da masoro da kimba tun farko, ɗanya a ƙarshe.

Akwai abincin da gari ba shi da madadi. Yajin tsire da na kilishi da yajin daddawa ana so su zauna a bushe, su manne a jikin nama, su kuma daɗe a gwangwani. Ɗanyar citta za ta jiƙa ƙuli-ƙulin ya dunƙule ya yi hunhuna, gutsattsarin ɗanyar tafarnuwa kuma zai ƙone a kan garwashi kafin naman ya gasu. Haka fura, busasshiyar citta ake dakawa tare da gero da kanumfari. A zoɓo da lemun citta kuwa ɗanya ce ke ba da ƙamshin da ake nema.

Ɗanyar citta tana da wani aiki da garinta ba ya yi sosai. Akwai sinadari a cikinta mai narka naman jiki, wanda ke sa nama ya yi laushi. Idan aka cuɗa naman sa mai tauri da ita aka sa a firji awa ɗaya ko biyu, ana ganin amfaninsa. Idan kuwa aka bar kaza ko kifi ya kwana a ciki, saman naman zai iya yin laɓo-laɓo ya rugurguje wajen suya. Wannan sinadarin ne kuma ke iya tsinka madara idan aka matsa ruwan ɗanyar citta cikin madara mai ɗumi. Tafasa tana kashe shi, don haka mai haɗa shayi ya tafasa cittar cikin ruwa tukuna, madara ta biyo baya.

Saura ajiya. Da yawa suna markaɗa citta da tafarnuwa da yawa don sauƙin girki, kuma ba laifi, matuƙar za a sa a firji a ƙarar cikin 'yan kwanaki, ko a daskarar cokali-cokali. Wani lokaci markaɗen yana komawa kore ko shuɗi, musamman idan ya haɗu da albasa ko abu mai tsami, kuma wannan ba lalacewa ba ce. Abin tsoro shi ne a nutsa dakakkiyar tafarnuwa cikin mai a kwalba a ajiye a kan kanta cikin zafin ɗakin girki. A inda babu iska irin haka wata ƙwayar cuta mai fitar da mugun dafi tana iya yaɗuwa, ba tare da wari ko launi ya sauya ba. A inda wutar lantarki ba ta tsayawa, gara a daka na kullum a kullum. Shi kuma gari, ƙarfinsa yana raguwa bayan 'yan watanni, don haka ya fi kyau a sayi busasshiyar citta guda-guda mai tsabta, marar hunhuna, a riƙa daka kaɗan-kaɗan. A murza ɗan garin a tafin hannu a sansana: idan bai harbi hanci ba, ƙara yawansa a tukunya kauri kawai zai ƙara wa miya, lokacin sake daka ya yi.