Takardar da ke bayan talabijin

Wanda rimot ɗinsa ya lalace, kada ya nufi kasuwa kafin ya leƙa bayan talabijin. A can, kusa da inda wayar wuta ke shiga, akwai wata 'yar takarda a manne. Layin da aka rubuta "Model" shi ne abin nema. Lambar "S/N" ta wannan akwatin ce kaɗai, ba za ta amfani mai shago da komai ba.

A ce an ga UA43T5300 a Samsung. Lamba 43 girman allon ce, inci 43 daga kusurwa zuwa kusurwa. Sauran na nuna samfurin, da su ake gano rimot ɗin da ya dace. A ɗauki hoton takardar, domin kwafa da hannu kan jawo a rikita 0 da O.

Ƙarfen rataye shi a bango kuwa, girman allo kaɗai bai isa ba. Ramuka huɗu ne a bayan, sai a auna tazararsu a kwance da a tsaye. In an samu milimita 200 da 200, a nemi ƙarfe mai rubutun VESA 200x200, wanda zai iya ɗaukar nauyin. A kula da tsawon kusoshi ma, masu tsawo fiye da kima suna iya taɓa kayan ciki su lalata.