Yadda Ake Wanke Suwaitar Ulu Ba Tare da Ta Motse Ba

Idan hunturu ya kama, 'yan gwanjo na Ƙofar Wambai da sauran kasuwanni sukan baje rigunan sanyi, a cikinsu kuwa akwai na ulun tumaki na gaske, masu ɗumi da taushi. Abin takaici, da yawa wanki ɗaya ke kashe su. Riga ta shiga baho daidai da magidanci, ta fito sai dai a bai wa yaro, ta yi kauri ta ƙandare.

Dalilin yana cikin gashin kansa. Kowane silin ulu yana lulluɓe da ƙananan ɓawo masu hawa kan juna, kamar na jikin kifi. Ruwan zafi da sabulu mai kaifi suna ɗaga ɓawon nan. Idan aka haɗa da cuɗa, silin ya sarƙe da ɗan uwansa, ba kuma ya sake warwarewa. Saboda haka wankin da muka saba yi wa atamfa da shadda, a zuba omo a dirje a murɗe, shi ne ainihin abin da ke lalata ulu. Rigar da ta dunƙule har ba a ganin idon saƙarta ta tafi ke nan, kada wani ya ruɗe ki da dabarar dawo da ita.

Ki fara tabbatar da abin da ke hannunki, don yawancin zaren da ake saƙa hulunan jarirai da shi na roba ne, kuma shi yana jure wanki. Ki ciro ɗan zare daga cikin ɗinki ki kusantar da shi ga ashana. Ulu na gaske yana ƙaurin ƙonannen gashi, ya bar baƙin abu mai murmushewa a yatsa. Na roba narkewa yake, ya daskare da tauri. Ki duba takardar wuya kuma: hoton baho da hannu a ciki na nufin wankin hannu, bahon da aka soke da gicciye na nufin kada ruwa ya taɓa ta.

Mu ɗauki suwaitar da manja ya ɗiga mata a ƙirji. Tabon ake fara yi wa magani kafin wanki. Ki kwashe abin da ke sama da gefen cokali, ki barbaɗa hoda ko garin sitaci, ki bari ya tsotsi man na kamar awa ɗaya, sannan ki kaɗe. Ki ɗiga sabulun wanke-wanke na ruwa ɗigo biyu, ki riƙa dannawa da farin ƙyalle mai laima, daga gefen tabon zuwa tsakiya don kada ya yaɗu. Dannawa kawai, ban da gogawa, domin wurin da aka goga yakan dunƙule ya bar shaidar da ta fi tabon muni. Jan manja yana da naci, gara a maimaita sau biyu ko uku da a matsa masa lokaci guda. Jini da madara da ƙwai ruwan sanyi suke so, zafi dafa su yake cikin zaren. Shayi kuwa, ki gauraya farin kal da ruwa daidai wa daida ki danna, bayan kin gwada a ɓoyayyen wuri ko launi zai zuba. Bilic kada ya kusanci ulu ko kaɗan, cinye gashin yake. Haka kanwa da sabulun salo, kaifinsu ya yi masa yawa.

Kafin ki jiƙa rigar, ki auna tsawonta da faɗin ƙirjinta ki rubuta. Ki zuba ruwan da bai wuce digiri 30 ba, wanda hannu ba ya jin ɗuminsa sosai, ki narkar da ƙaramin cokali ɗaya na shamfu mai sauƙi. Ki juya rigar bai-bai, ki nutsar da ita, ki bar ta minti 10, kina dannawa a hankali jefi-jefi. Ruwan ɗauraya ya zama daidai da na wankin, don sauyi daga ɗumi zuwa sanyi farat ɗaya ma yana motsar da ita. Wajen cirewa ki tallabo ta da hannu biyu, jiƙaƙƙen ulu yana da nauyi, idan aka ɗaga shi ta kafaɗa zai zazzago.

Ki shimfiɗa ta kan tawul, ki naɗe su tare ki danna ruwan ya fita. Sai ki baje ta kan busasshen tawul a inuwa, ki gyara ta da tafin hannu har ta koma awon da kika rubuta. Igiyar shanya tana tsawaita ta, rana kuma tana ƙandarar da ita. A iskar hunturu kwana ɗaya yakan isa, ki dai juya ta sau ɗaya. Idan sanyi ya wuce, ki wanke ta kafin ki adana, domin asu ya fi bin wurin da gumi ko maiƙo ya taɓa, kuma ki ninke ta ninkewa maimakon rataya.