Hoton Dam ɗin Goronyo: A Wane Wata Aka Ɗauka?

Da zarar bazara ta kama, sai hotuna biyu su fara yawo a wayoyin mutanen Goronyo da Wurno da Rabah. Na farko dam ɗin Goronyo ne daga sama, ruwa ya cika har baki. Na biyu wurin nan dai, amma sai laka da tsibirai. A ƙasa a rubuta "da" da "yanzu", ba wata ba shekara. Nan take mai albasa ya fara lissafin asara, ɗan siyasa ya sami abin faɗa.

Ba wai dam ɗin ba ya shiga hali ba ne. An gina shi kan Gulbin Rima, aka kammala a 1984, don ya riƙe ruwa kusan kubik mita miliyan 942, kuma a ranin 2018 hukumomi da kansu sun ce abin da ya rage bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda muke ɗauka cewa hotunan da suka fi tayar da hankali su ne suka fi nuna canji.

Idan hoton farko na Oktoba ne, na biyu kuma na Mayu, babu abin da suka nuna sai cewa akwai damina akwai rani. Kamar ka leƙa rumbu da kaka, ka sake leƙawa ana gab da shuka, ka fito kana ihun ɓarawo. Ko ka ga kasuwar Achida ranar da take ci, ka dawo washegari ka ce gari ya watse. Dam aikinsa ke nan, ya tara ruwa a watannin damina, a yi ta sakinsa ga masu noman rani da birnin Sakkwato har wata daminar. Mai son sanin ko 2018 ta fita daban sai ya ɗauki hoton Maris ɗinta ya jera da Maris na 2017 da na 2019. Bambancin ba zai kai na Oktoba da Mayu girma ba, amma shi ne na shekarar, ba na yanayi ba.

Sai kuma wanda ya ɗauki hoton. Tauraron ɗan'adam na Landsat yana ganin ƙasa a ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo mita 30 tsawo da faɗi. Na Sentinel-2, wanda ya fara aiki a 2015, ɗigonsa mita 10 ne. Gonar albasa mai rubu'in hekta a fadamar Wurno ɗigo 25 ce a Sentinel-2, a Landsat kuwa ba ta cika uku ba. In ka jera na wannan da na wancan, sai ka ga kamar gonaki sun ƙaru, alhali idon ne ya ƙara kaifi. Jirgi maras matuƙi ya fi su duka, har kunyoyin gona yana nunawa, amma ba zai koma baya ya ɗauko maka ambaliyar Satumban 2010 ba. Wannan sai rumbun Landsat, shi ma in gajimare ya bari.

Launi ma yana yaudara. Ruwan Rima da damina jajir yake da laka, don haka a hoto irin na ido yakan saje da yashin da ke gefensa, da hunturu kuma hazo yakan dushe komai. Shi ya sa masu aikin suke duba hasken infared, wanda ido ba ya gani: ruwa yana shanye shi sai ya fito baƙi, ganye kuma yana mayar da shi sai ya fito da haske. A nan bakin ruwa yake fita sarai. Sai a ƙirga baƙaƙen ɗigon, kowane 100 hekta ɗaya a Sentinel-2, a cire na bana daga na bara.

Ko da an bi duk wannan, saman ruwa kawai hoton yake nunawa. Tafkin Goronyo shimfiɗaɗɗe ne kamar faranti, ruwa ya ɗan sauka kaɗan sai fili mai yawa ya bayyana. Can ƙasa kuwa yashi da laka suna taruwa shekara da shekaru, dam ya cika har baki a hoto amma cikinsa ya ragu, kamar kwaryar da aka zuba wa ƙasa kafin a ɗebo ruwa. Wannan sai an shiga kwalekwale an auna zurfi. Ma'aunin ruwa na kowace rana kuma yana hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, hotunan Sentinel-2 kyauta ne, taurarin suna ratsawa duk kwana biyar. Da ana liƙa alkaluman a sakatariyar Goronyo ko ana karanta su a rediyo kowane wata, da manomin Rabah bai tsaya yana tambayar jikansa abin da ya gani a waya ba kafin ya sayi iri.